Shawarar jariri ba ta jiran ranar suna

Tunda an gama zubi an rufe akwati, ina roƙon aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Maganar yau a kan shawara ce, wadda ke kama jariri a satinsa na farko, idonsa da fatarsa su koma ruwan ɗorawa. Na san babu wadda ba ta taɓa ganinta ba a cikinku. Wasu ma za su ce, "Ai duk 'ya'yana sun yi, ga su nan garau." Gaskiya ne, kuma wannan gaskiyar ce ke sa a yi sakaci. Likitoci sun ce a cikin jarirai 10 da suka cika wata tara, kusan 6 suna yin shawara a satin farko, bakwaini kuwa kusan 8 cikin 10. Mafi yawansu tana wucewa da kanta. Kaɗan ne take yi wa illa, amma illar ba ta gyaruwa. Aikinmu shi ne mu san yadda ake gane waɗannan kaɗan ɗin tun da sauran lokaci.

Zan ba ku labarin wata yarinya da ke cikin ɗaya daga ƙungiyoyin da nake zagayawa. Ita da kanta ta ba mu labarin a wurin taro, ta ce in kai shi duk inda zai yi amfani, sunanta ne kawai zan rufe. Don haka mai jego zan riƙa ce mata.

Shekarunta ba su kai 20 ba. Aure ya kai ta wajen Kurfi, amma da yake cikin fari ne sai ta koma gidan iyayenta, a wani ƙauye kusa da Dutsin-Ma, kamar yadda muka saba. Ta haihu a gida daren Juma'a, ungozoma ta karɓa, namiji, lafiya lau, ya yi kuka ya kama nono. Ku riƙe ranakun nan da kyau, don lissafin kwana shi ne ƙashin bayan maganar. An haife shi Juma'a, suna sai wata Juma'ar.

Ɗakin da aka ajiye ta kun san irinsa. Taga ƙarama an toshe ta da tsumma saboda iska, labule a sake, jariri a naɗe cikin zani biyu ga hula ga safa, da dare sai hasken tocila. A irin wannan ɗaki ko jaririn ya koma kamar gwaiduwar ƙwai ba mai gani. Ran Lahadi da safe, da aka fito da shi wanka, mai jego ta lura fuskarsa ta yi wani haske-haske. Ta ce wa mahaifiyarta, "Inna, dubi idon yaron nan." Inna ta duba ta ce, "Fari ne, dangin ubansa ya ɗebo." Kakar mai jego, wadda suke ce wa Gwaggo, ita ta gane abin da yake. Ta ce shawara ce, ba wani abu ba, a riƙa shanya shi a hantsi, a jiƙa rawaya a ɗiɗɗiga masa. Gwaggo ta ga jarirai da yawa, kuma yawancin waɗanda ta gani sun warke. Ba da mugunta ta faɗa ba.

Kafin in ci gaba, bari in gaya muku abin da ke faruwa a jikin yaron a wannan lokaci. Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, don su ya dogara da su yana ciki. Da ya fito ya fara numfashi da kansa, sai jiki ya shiga farfasa tsofaffin. Idan ƙwayar jini ta fashe tana barin wani abu mai launin ɗorawa, a asibiti suna ce masa bilirubin. Hanta ce ke tace shi ta tura shi hanji ya fita da kashi. To hantar jariri sabuwa ce, ba ta kama aiki sosai ba, kamar yarinyar da aka ba tankaɗen gari mudu goma ranar da ta fara koyo. Abin da ba a tace ba sai ya taru a jini, ya rina fata da farin ido. Wannan ita ce shawarar da aka saba gani: tana fitowa a kwana na 2 ko na 3, ta fi ƙarfi tsakanin kwana na 3 da na 5, sannan ta yi ta ja da baya har ta ɓace kafin sati biyu.

Matsalar tana zuwa ne idan ya taru fiye da kima. A lokacin ba a fata kaɗai yake tsayawa ba, yana ratsawa ya shiga ƙwaƙwalwa. Kun san baba idan ya kama farin zane, duk wankin da za a yi ba ya komawa fari. Haka yake yi wa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da ji da motsin jiki. Wani jaririn ya rasu a satin. Wanda ya rayu yana iya tashi kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ya kai shekara biyu bai zauna ba, hannu da ƙafa suna murɗewa ba da sonsa ba. Sau da yawa hankalinsa na nan, jikin ne ya ƙi yi masa biyayya. Akwai irin yaran nan a garuruwanmu, ana cewa iska ce ta taɓa su, alhali wasunsu kwana biyu ko uku na shawara ne a satin haihuwa.

Ku lura da lissafin. Shawara ta fi ƙarfi daga kwana na 3 zuwa na 5, suna kuma kwana na 7 ne. Duk wadda ta ce "a bari a yi suna tukuna" ta ce a bari haɗarin ya gama aikinsa ke nan.

Mu koma gidan mai jego. Ran Litinin launin ya sauko ƙirji da ciki. An shanya shi a hantsi, an ba shi jiƙon rawaya da cokali, wata maƙwabciya ta kawo shawarar a sayo maganin ɗigawa a kemis. Ran Talata yaron ya yi ta barci. 'Yan barka suna shigowa suna cewa, "Kai, wannan yaro akwai haƙuri, ko kuka ba ya yi." Mai jego kuwa nono ya cika ya yi tauri yana mata zafi, don in ta sa masa sai ya ja sau biyu ko uku ya saki, barci ya kwashe shi. Ta ce mana tun safe zanen da aka shimfiɗa masa sau ɗaya ya jiƙe. Abin ya dame ta, amma yarinya ce mai haihuwar fari a gaban uwa da kaka, ana kuma son ta nuna kunyar ɗan fari. Sai ta yi shiru.

Wadda ta buɗe baki matar wanta ce. Ita ta taɓa zuwa awo an yi musu bayanin shawara. Da la'asar ta ɗauki yaron ta fito da shi tsakar gida, ta kwance zanen, ta danna goshinsa da yatsa ta ɗaga. Wurin da ya kamata ya yi fari-fari sai ya nuna ɗorawa. Ta danna ƙirji, haka. Ciki, haka. Cinya da ƙwauri, haka. Ta buɗe tafin ƙafarsa, shi ma ya fara rinewa. Sai ta ce, "Inna, wannan ba ta gida ba ce. Yau za a kai shi."

Wannan dubawar ita nake so kowace ta tafi da ita. Shawara daga kai take farawa ta yi ƙasa. Fuska da ido tukuna, sai ƙirji, sai ciki, sai cinya, daga ƙarshe tafin hannu da tafin ƙafa. Iya nisan da ta sauka, iya yawan abin da ya taru a jini. Da yake yawancinmu fatarmu baƙa ce ko wankan tarwaɗa, kallo kawai ba ya nunawa, sai an danna fatar an kori jinin wurin na ɗan lokaci. Ki danna goshi ko kan hanci, ki duba farin ido, ki ɗaga leɓe ki duba dasashi. A hasken rana ake yi, a bakin ƙofa ko tsakar gida. Tocila da ƙwan lantarki suna ruɗin ido. Kullum za a yi, safe da yamma, tun daga ranar haihuwa har a yi suna, daga nan a ci gaba da leƙawa har sati biyu.

Duk jaririn da kika ga shawara a jikinsa ya kamata ma'aikacin lafiya ya gan shi, domin ido yana nuna akwai ta ne kawai, ba ya auna yawanta. Amma akwai wadda ba a kwana da ita. Ta farko, wadda ta fito tun a kwanan farko, kafin yaro ya cika awa 24. Wannan ba ta lafiya ba ce ko kaɗan, alama ce jini na fashewa da sauri. Ta biyu, wadda ta sauko ƙasan cibiya, balle ta kai tafin hannu ko tafin ƙafa. Sai ta bakwaini ko ɗan ƙaramin jariri, don shi kaɗan ma tana isarsa. Sai kuma duk shawarar da ta haɗu da ƙin kama nono, ko barcin da ba a iya tada shi, ko zazzaɓi, ko jiki ya yi sanyi. Idan aka kai ga kuka mai tsini kamar ana tsira masa allura, yana banƙarewa kai ya koma baya, ko ido ya kafe, to ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Ko tsakar dare ne a nemi abin hawa, don a wannan matakin ma saurin zuwa yana iya ceton yaro.

A gidan su mai jego gardama aka sha. Gwaggo ta ce ba a fita da ɗanyen jego, iska za ta shige ta, ga wankan yamma an ɗora ruwa. Inna ta ce uban yaro ba ya nan, wa zai ba da izini, wa zai biya? Matar wan ta kira shi a waya yana Kurfi yana fafutukar ragon suna. Mai jego ta ce a nan ne ta aje kunya ta karɓi wayar. Ta ce masa, "Yaron nan ba ya shan nono tun safe. Ni dai a kai shi." Ya ce su tafi. Kuɗin mota daga asusun taimakon gaggawa na ƙungiyar matar wan aka ranto, masu riƙe da makullai uku suka taru a daren aka buɗe akwati. Ina faɗar wannan ne don ku duba dokar ƙungiyarku: shin ta yarda a buɗe akwati ba ranar taro ba idan jariri na cikin haɗari? In ba ta yarda ba, ku gyara ta tun kafin buƙatar ta zo.

Sun isa babban asibitin Dutsin-Ma bayan magariba. Ma'aikaciyar da ta karɓe su ta tuɓe yaron ta duba, ta tambayi ranar haihuwa da lokacin, ta ga yadda yake jan nono, ta ce wannan na sashen jarirai ne a Katsina, ta rubuta musu takarda. Hanyar Katsina ta Kurfi take bi, a nan uban ya tare su ya shiga motar. A Katsina akwai sashen kula da jarirai a Asibitin Koyarwa na Tarayya da kuma asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Ina ba ku shawara, tun kuna zuwa awo ku tambayi malamar asibiti: idan jaririna ya yi shawara, ina ne mafi kusa da ake auna jini, ina ne ake da fitilar? Sanin wannan tun da ciki yana rage yawo da jariri a hannu.

Da suka isa aka ɗebi jinin yaron aka auna. Lamba ta fito 19. Mai jego ta tambayi likita me 19 ke nufi, kuma amsar da ya ba ta ta riƙe ta har yau. Ya ce lambar ba a karanta ta ita kaɗai, sai an haɗa da kwanakin yaro. Lamba 12 a jaririn kwana huɗu da ya cika wata tara yana shan nono sosai, yawanci sa ido kawai ake yi. Wannan 12 ɗin a jaririn kwana ɗaya kuwa magani ake farawa nan take. Nata yaron kwana huɗu, lamba 19, ga kasala ga ƙin nono, an kusa kai inda sai an canza masa jini. Shi ya sa abin farko da za a tambaye ki a asibiti shi ne yaushe aka haife shi, da rana ko da dare. Ku riƙa riƙe lokacin haihuwa, ko da da sallar da ta fi kusa ne.

Aka sa shi ƙarƙashin fitila. Wata fitila ce mai shuɗin haske, an yi ta musamman domin wannan aiki, ƙwan ɗaki ba ya yin sa. Haskenta idan ya sauka a fata yana sauya bilirubin ya koma yadda jiki zai iya fitar da shi ta fitsari da kashi ba sai ya jira hanta ba. Shi ya sa ake tuɓe yaro daga shi sai ɗan nafkin, don iya fatar da haske ya taɓa iya aikin da zai yi. Ana rufe masa ido da ƙyalle mai taushi don kare idon. Inna da ta ga haka hankalinta ya tashi, ta ce an tuɓe jariri tsirara an ɗaure masa ido ana gasa shi. Sau biyu tana lulluɓa masa zani in nas ta juya baya, sai da aka zaunar da ita aka yi mata bayani cewa fitilar ba ƙuna take ba, ana kuma auna zafin jikinsa a kai a kai, zanin nan kuwa tare maganin yake yi. Haka aka hana ta shafa masa mai.

Aikin mai jego a wurin shi ne nono. Duk bayan awa 2 zuwa 3 a ciro shi ta ba shi, a mayar. Da farko da ba ya iya ja, tatsa take yi a ba shi da ɗan kofi. Nan ta fahimci abin da ya sa nono yake cikin maganin: hanyar fitar abin nan kashi ce, yaron da ba ya samun nono ba ya kashi, abin da hanta ta riga ta tura hanji ma sai ya koma cikin jini. Saboda haka jariri ya sha aƙalla sau 8 zuwa 12 a yini da dare, in barci ya yi yawa a tada shi. Dakashin nan na farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne ke koro baƙin kashin farko da wuri. Ruwa da ruwan gulukos da jiƙo kuwa cika masa ciki suke yi ya rage jan nono, ba su fitar da komai. Maganin ɗigawa na kemis shi ma ba ya taɓa bilirubin. Idan akwai ƙwayar cuta a jinin jariri, allura ake yi masa a asibiti.

Na san tambayar da ke bakin wasu: tunda haske ne maganin, me ya hana hantsin Gwaggo? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don hasken rana yana ɗauke da irin shuɗin hasken. An ma gwada a Legas, aka buga sakamakon a 2015. Amma a gwajin, jariran a ƙarƙashin wata rumfa aka sa su, mai rufin leda ta musamman da ke tace hasken da ke ƙona fata ta rage zafi, suna yin sa'o'i a ciki, ma'aikata na auna zafin jikinsu, ana kuma auna jininsu. Waɗanda shawararsu ba ta yi tsanani ba aka sa a gwajin. Shanyar da muke yi a gida daban take. Minti kaɗan ne, yaro a naɗe fuska kawai a waje, ba ta isa ta rage komai ba. In kuma aka tuɓe shi aka daɗe, ranar Katsina ta ƙona shi ta busar da ruwan jikinsa, da hunturu kuwa sanyi ya kama shi. Babbar ɓarnarta ita ce tana sa mutanen gida su ji ana magani, kwanaki na tafiya.

Washegari likita ya yi wata tambaya da ta ba su mamaki. Ya ce, "A ina kuka ajiye kayan jariri kafin haihuwa?" Inna ta ce a akwati. Ya ce, "Da kafur a ciki?" Ta ce ƙwarai, saboda kyankyaso da ƙamshi. Sai ya yi musu bayanin cewa akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, a takardar asibiti za ku ga an rubuta G6PD. Gado ne, ta wajen uwa yake zuwa wa ɗa namiji, ya fi yawa a maza, kuma yana da yawa a Najeriya. Yaro mai wannan lafiyarsa ƙalau, sai in ya haɗu da abin da ke fasa masa jini. Kafur na kan gaba, ko shaƙar warinsa a tufafi ya isa. Ana kuma gargaɗi a kan man zafi da hodar da ke da sanyin mantoleta, da lalle a jikin jariri, da wasu magunguna. Tunda ba a gane mai wannan gadon da ido, abin da ya fi shi ne a raba kowane jariri da waɗannan. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su a shanya sosai kafin su taɓa jikinsa, kafur ɗin kuma ya bar ɗakin. Daga baya gwaji ya nuna yaron mai jego yana da wannan ƙarancin.

Ba shi kaɗai ke sa shawara ta yi tsanani ba. Wani lokaci jinin uwa da na ɗa ne ba su jitu ba, kamar uwa mai rukunin O ta haifi mai A ko B, ko uwa mai jini negatif ta haifi mai fozitif. Ita mai negatif akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba, shi ya sa sanin rukunin jini a wurin awo ba ɓata kuɗi ba ne. Wani lokaci kuma cuta ce ta shiga ta cibiya. Kuma duk wadda ɗanta na baya ya yi shawara mai tsanani, ta faɗa a wurin awo, don na gaba ma yana iya yi.

A gadon da ke kusa da nasu akwai wani jariri da aka kawo bayan suna, yana da kwana takwas. Mai jego ta ce kukansa ne ba za ta manta ba, da yadda yake banƙarewa. An canza masa jini, wato a zari nasa kaɗan-kaɗan ta jijiyar cibiya ana mayar masa da wani, aikin da ke ɗaukar sa'o'i, sai an nemo mai ba da jinin da ya dace, ga kuɗi. Uwarsa ta ce ita ma tun kwana na uku ta gani. Mai jego ba ta san yadda suka ƙare ba, don an sallame ta ta bar su a can.

Nata yaron lambarsa ta fara sauka tun a ranar farko. Kashinsa ya yi ruwa-ruwa kore, nas ta ce alamar abin na fita ne. Ran Alhamis ya kama nono da ƙarfi har ta ji zafi. Ran Juma'a da safe maza suka taru a gida aka raɗa suna aka yanka rago, uwa da ɗa suna Katsina, suna kuma ya yi. Da aka kashe fitilar ba a sallame su nan take ba. An sake auna jini washegari, saboda lambar tana iya ɗagowa bayan an cire haske, musamman ga yaron da jininsa ke fashewa. Likita ya kuma ja kunnenta cewa bayan fitila launin fata ba abin dogaro ba ne, fata na iya washewa alhali jini bai gama sauka ba. Don haka ranar da aka ce ki dawo, ki dawo, ko da kin ga yaro fes.

Sa idon bai ƙare a ƙofar asibiti ba. An ce ta kai shi gwajin ji, ta kuma lura ko yana firgita in an buga ƙofa, ko yana juyowa wajen murya in ya yi 'yan watanni, da lokacin da wuyansa zai tsaya. An ce ta duba tafin hannunsa da cikin idonsa ko sun yi fari fat, don yaron da jininsa ya fashe yana iya yin ƙarancin jini a makonnin da ke biye. An rubuta G6PD a katinsa, aka ce duk inda za a ba shi magani, asibiti ko kemis, ta nuna katin tukuna, har ya girma. Lokacin da ta ba mu labarin yaron yana rarrafe, tana kiran sunansa yana waiwayowa.

Saura nau'i ɗaya da bai shafi yaronta ba amma dole ku sani. Idan shawara ta wuce sati biyu ba ta tafi ba, ko sati uku ga bakwaini, a koma asibiti ko da yaro na shan nono yana ƙiba. Sau da yawa ba wani abu ba ne. Abin da za ki duba shi ne kashi da fitsari. Kashin mai shan nono ruwan ɗorawa ne, fitsarinsa kuma kusan kamar ruwa. In kashi ya koma fari-fari kamar alli ko farar ƙasa, fitsari ya yi duhu yana rina zani, to hanyar da ke sauke ɗaci daga hanta zuwa hanji ce ta toshe. Wannan fitila ba ta yi masa, aiki ake yi, kuma aikin ya fi nasara kafin yaro ya cika wata biyu. Kada a jira arba'in.

Yanzu mu tashi mu fita waje inda haske yake. Kowace ta kama ta kusa da ita, ki danna goshinta da yatsa ki ƙirga ɗaya, biyu, ki ɗaga ki ga launin da wurin ke yi a mai lafiya, sannan ki duba farin idonta da dasashinta. Masu goyo ku kwanto su mu gwada a kansu. Hajiya, ke da kike karɓar haihuwa a unguwar nan, zo gaba ki fara nuna mana.